So, ƙauna ko bege: wace kalma ta dace da bakin wa?

*Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a nan Zinder. An ba ni wani wasan kwaikwayo na rediyo da aka rubuta da Faransanci in mayar da shi Hausa. "Je tem" ta fito a bakin mutum huɗu: saurayi ga budurwa, uwa ga ɗanta, wani ga ɗiyar kawunsa, da tsoho ga matarsa. Duka na sa "ina sonka" ko "ina sonki", amma da ƴan wasa suka karanta sai dariya ta ɓarke a inda ya kamata a yi kuka. Yaya ake zaɓa tsakanin so, ƙauna, soyayya da bege? Ga shafukan na haɗo.*

Ɗiyata, barka kadai. Na karanta shafukan duka. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, amma ƴan wasan nan sun fi shi gaskiya.

Faransanci yana da aikatau ɗaya, eme, da suna ɗaya, amur, ya ɗora musu kowane irin kaya: na uwa, na miji, na shinkafa, na ƙasa. Mu ma "so" namu haka yake da faɗi, ana son fura, ana son tafiya Yamai, ana son mutum. Saboda haka matsalar ba ta ƙarancin kalmomi ba ce. Abin da ya raba harsunan biyu shi ne, Bafaranshe yana iya duban kusan duk wanda ke kusa da zuciyarsa ya ce masa je tem, shi kuwa Bahaushe in ya dubi mutum ido da ido ya ce "ina sonki", ya yi wani aiki ne mai masu shi da wurinsa da abin da ke biyo bayansa. Don haka kafin ki tambayi kanki wane irin so ne a zuciyar mai magana, ki fara da wannan: wa ke magana da wa, a gaban wa, kuma Bahaushen da ke wannan matsayi da baki yake faɗin abin ko ta wata hanya?

Wataƙila a lakwal kin ci karo da jerin nan da ke raba so gida-gida da sunayen Girkanci da Latin, irin su eros na sha'awar namiji da mace, da ludus na wasa, da agafe na sadaukarwa. Wani masanin zamantakewa ɗan Kanada, John Alan Lee, ya fitar da irin wannan rabo har gida shida a 1973. Yana da amfani wajen gane abin da marubucin ke nufi. Amma kada ki nemi kalmar Hausa ɗaya ki manna wa kowane gida, don Hausa ba a kan wannan layin ta yanka nata ba.

Bari mu fara da kalmomi ukun da aka fi rikitawa. Za ki ji ana cewa so yana da dalili, kyau ko dukiya, yana kuma iya ƙarewa, ita kuwa ƙauna ba ta da dalili kuma ba ta mutuwa. Maganar tana da daɗi a zauren hira, amma ba ta isa a yi aiki da ita ba, don mawaƙa suna jera su biyun yadda amo ya ba su. Abin da ya fi taimako shi ne duba inda kowace ke shiga ita kaɗai. Muna cewa "ya yanke ƙauna" in mutum ya fid da rai, ba ma cewa ya yanke so. Muna roƙon mutum da "don ƙaunarka da Annabi". In aka ce "wane ba ya sona", ana iya nufin jini ne bai haɗu ba, amma in aka ce "wane ba ya ƙaunata", an shiga zancen ƙiyayya, ana nufin ba ya nufina da alheri. Daga nan za ki ga ƙauna tana ɗauke da fata da nufin alheri ga wanda ake yi wa ita. Shi kuwa so yana ɗauke da buƙata, ina so abin ya zama nawa ko ya kasance kusa da ni. Shi ya sa aka ce so duka so ne amma son kai ya fi, ba a ce ƙaunar kai ba.

Soyayya kuma ƙirarta ce ke gaya miki aikinta. Ƴar gidan su jayayya da cinikayya da auratayya ce, abin da mutum biyu ke yi wa juna. Ana "yin" soyayya, ana "cikin" soyayya, ana ɓata ta. In yaro ne ke ta bin yarinya ita ba ta san yana yi ba, wannan so ne, son maso wani ma in an yi rashin sa'a, bai kai soyayya ba tukuna. A fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Gumi, kalmar mawadda da ke aya ta 21 ta Suratur Rum, inda ake zancen ma'aurata, soyayya aka kira ta, kuma ta zauna daidai, don abu ne da aka sanya a tsakani. Sai dai tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, finafinai suka biyo baya, kunnen mutane ya saba jin kalmar tare da saurayi da budurwa. Ana rubuta "soyayyar uwa" yanzu, na sani, kuma ba zan ce kuskure ba ne. Ni dai a rediyo ina kauce mata, don mai sauraro ba ya da damar komawa baya ya sake karantawa.

To, mu shiga shafukanki. Na saurayin shi ne mai sauƙi, kuma a nan "ina sonki" ta zauna daram. Ya zo zance ƙofar gidansu, ya yi wata uku yana kewaye-kewaye, yau ya faɗa. Ki bar ta haka, kada ki ƙawata ta da "ina ƙaunarki har cikin ɓargona", don marubucin ma gajeruwa ya yi ta. Ki dai san nauyinta. A wurinmu wannan magana ƙofar aure ce, abin da ke biyo ta shi ne "to, ka turo magabatanka", har kayan farko da ake kaiwa gidan yarinya sunansu na-gani-ina-so. Da a ce saurayin nan irin masu zaƙin baki ne da ke faɗa wa kowace yarinya haka a bakin hanya, da sai in ce ki rage masa, ki ba shi "kina burge ni" ko "kin tafi da hankalina", maganganun da ba su ɗaure mai faɗinsu da komai. Kuma kada ki kuskura ki sa masa "ina sha'awarki". Ana sha'awar mota, ana sha'awar karatu, ba laifi, amma namiji ya faɗa wa mace haka a fuska, jiki yake nufi, kuma yarinyar kirki tashi za ta yi ta shige gida.

Inda aka yi ɓarna a wannan fitowar shi ne amsar yarinyar. Ta ce "je tem biyen", kika sa "ni ma ina sonka sosai". Wannan tarko ne da ke kama kusan duk mai fara fassara daga Faransanci. Biyen tana nufin da kyau, boku tana nufin da yawa, amma in an liƙa ɗayansu a bayan je tem, rage ta suke yi. Je tem tsurarta ita ce ta masoya. Je tem biyen kuwa cewa ce, kai mutumin kirki ne, ina jin daɗin zama da kai, amma a nan zancen ya tsaya. Wato yarinyar nan ta ƙi shi ne cikin ladabi. Dubi abin da fassararki ta jawo: a fitowa ta tara, da ta amince da wani, mai sauraron Hausa zai ɗauke ta mayaudariya, alhali marubucin ya gina ta a kan yarinya mai gaskiya wadda ba ta taɓa ba shi fata ba. Kalma ɗaya ta juya halin mutum gaba ɗaya. Ki sa mata abin da ƴanmatanmu ke faɗa in suna son sallamar mutum ba tare da cin fuska ba: "Wallahi ina ganin girmanka, ni a matsayin yaya na ɗauke ka." Duk saurayin da ya taɓa jin wannan ya san an rufe ƙofa.

Da ma a ce amincewa ta yi, ba lalle ta maido masa da "ni ma ina sonka" a ranar farko ba. A fili sunkuyar da kai take yi, labarin zuciya a tambayi fuska. Rediyo ba ta nuna fuska, sai ki ba ta ƴar dariya da "kai dai", ko "na ji, zan yi shawara". A saƙon waya kuwa ƴan yanzu suna rubuta ta kai tsaye, wasu ma je tem ɗin suke sawa a tsakiyar Hausa, su kira juna sheri. In ƴan lakwal ne masu maganar, barin ta da Faransancinta fassara ce mai kyau, don haka suke yi, kuma sau da yawa suna fakewa da baƙon harshe ne saboda ya fi sauƙin fita daga baki.

Fitowar uwa ita ce nake jin ta fi ba ƴan wasanki dariya, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ɗan zai tafi Agadas neman aiki, asuba ce, jaka na hannunsa. Uwar ta kira sunansa, ta ce je tem, ɗana. A shafi na biyu an riga an gaya mana shi ne babban ɗanta. Kin ga ke nan abu biyu suka karo da juna. Na farko, uwa Bahaushiya mai kara ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce "kai", ko "yaron nan", ko ta yi masa laƙabi. A gaban mutane ma nuna take kamar ba ta damu da shi ba, wannan ita ce alkunya, kuma kowa ya san ba rashin ƙauna ba ce. Na biyu, ko ba ɗan fari ba, iyaye a wurinmu ba da "ina sonka" suke sallamar ɗa ba. Da addu'a suke yi, da gargaɗi, da guzuri.

Saboda haka aikinki a nan shi ne ki gano abin da jimlar ke yi a cikin wasan, ki nemo abin da ke yin wannan aikin a Hausa. Marubucin yana so mai sauraro ya ji cewa wannan mata tana rabuwa da abin da ta fi ji da shi a duniya, kuma tana tsoro. Ga yadda zan sa ta:

"To. Ga ƙuli-ƙuli nan da gari na ɗaure maka a gefen jaka, kada ka bari su jiƙe. Ka ji tsoron Allah duk inda kake. Abin da ba naka ba, kada ka taɓa. Je ka, Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka."

Ba so ba ƙauna a ciki, amma ki ba wata dattijuwa ta karanta, ta ɗan sassauta murya a kan albarkar, ki ga ko wani zai yi dariya. "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uwa ita ce maganar da ɗa Bahaushe ya fi son ji a rayuwarsa, ita ke zaune a kujerar da je tem ke zaune a can. Akwai wadda ta fi ta nauyi, "na yafe maka duniya da lahira", amma ki yi hattara da ita. Mai sauraro na jin ta zai ɗauka ɗayansu ba zai sake ganin ɗaya ba. In a wasan yaron zai dawo lafiya a fitowa ta goma sha biyu, kin yi alkawarin mutuwar da marubucin bai yi ba.

Da auta ne, da an sami sassauci. Uwa tana iya cewa "autana", "shalelena", ta yi masa shagwaɓar da ba za ta yi wa babba ba. Haka kuma abin da ba ta faɗa wa ɗan a fuska tana iya faɗa wa maƙwabciya bayan ya tafi: "Tun da yaron nan ya fita ban runtsa ba." In kuwa mai ba da labari ne ke magana a kanta, to nan ƙauna ta sami wurinta, sai ya ce ƙaunar da take yi masa ta hana ta barci. Ki lura na ce "ƙaunar da take yi masa". A shafi na biyar kin fassara amur na uwa da "son uwa", wannan kuwa fuska biyu gare shi, yana iya zama son da uwa ke yi, yana iya zama son da ake yi wa uwa. Duk inda kika haɗa so ko ƙauna da sunan mutum haka, ki tambayi kanki ko an san mai yi da wanda ake yi wa. In ba a sani ba, ki warware jimlar ko da za ta ƙara tsawo.

Na uku shi ne wanda ya fi haɗari, ko da yake a Faransancin wasa ne kawai. Yarinya ta kawo wa ɗan gwaggonta abinci a shago, ya buɗe kwano ya ga nama, ya ce cikin dariya, a, kuzin, je tem. Bafaranshe ya ji godiya da raha. Bahaushe kuwa da ya ji "ina sonki" daga ɗan gwaggo zuwa ɗiyar kawu, auren zumunci zai gani ya taso, don waɗannan biyun aure na halatta tsakaninsu kuma ana yin sa kullum. Daga nan mai sauraro zai zauna jiran bikin da ba ya cikin wasan, ya kuma ɗauki saurayin farko da wannan a matsayin masu takara.

Faransanci kalma ɗaya gare shi ga duk ƴaƴan ƴan'uwan iyaye. Mu mun raba. Ɗan wan uba ko ɗan ƙanen uba ɗan'uwa ne, wa ne ko ƙane, da girmamawa a tsakani. Amma ɗan mace da ɗan namiji, wato ƴaƴan wa da ƙanwa, su ne taubasai, tobasai in ji wasu, abokan wasa. Tsakaninsu akwai tsokana da ba a fushi da ita, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, har kuɗin shara ake bi in watan cika-ciki ya kama. Irin wannan wasan ne ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda duk ɗan Damagaram ya tashi yana ji a kasuwar Dole, kuma shi ne hukumar Unesko ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, a wannan dangantaka ƙauna juye take fitowa. Wanda kake ji da shi shi kake zagi. In taubashi ya yabi taubashiyarsa kai tsaye ba tare da cizo ba, to wasa ya ƙare, wata magana ta fara.

Don haka ki juya jimlar: "Kai, yau baiwar tawa ta yi abin kai! Mummuna, Allah dai ya bar mu tare." Ita kuma ta rama: "Wa ye bawan wani? Ci ka ba ni kwanona, mayunwaci." Mai sauraro zai gane nan take cewa waɗannan biyun sun shaƙu, kuma ba zancen aure. Kin ƙara layi ɗaya da babu shi a Faransanci, amma kin tsare ma'anar fitowar, wadda fassarar kalma da kalma ta rushe.

Haka abin yake tsakanin kaka da jika, ko da yake babu su a wasanki. Kaka mace tana kiran jikanta namiji "mijina" ko "angona", ta ce ya bar ta ba cefane, ta yi barazanar kai shi ƙara. Kaka namiji yana kiran jikanyarsa amarya. Kalmomin aure ne tsantsa, amma ba mai jin aure a ciki. Ranar da aka ba ki aikin mayar da Hausa Faransanci za ki gane wahalarsu, don in kika fassara su yadda suke, baƙo zai riƙe baki. Wasan saurayi da budurwa kuwa wani gida ne daban, shi ke da zolaya da kwarkwasa da shagwaɓa, in kuma ba niyyar aure a ciki matasa na ce masa soyayyar shan minti. Kada ki haɗa shi da wasan taubasai don kawai duka biyun ana ce musu wasa.

Saura tsohon. Shekara arba'in da aure, matar na kwance asibiti, dare ya yi, su biyu ne kawai. Na ga a gefen shafi kin rubuta "ina begenki" da alamar tambaya, kina neman kalma mai nauyi. Nauyin kam tana da shi, amma ba nan ne wurinta ba. Bege yana buƙatar nisa. Ana begen wanda ba ya nan, ana ambatonsa, ana yabonsa, zuciya na tafiya inda yake, kuma ana iya begen wanda ba a taɓa gani ba. Shi ya sa kalmar ta zama ta masu yabon Annabi, waɗanda kike ji suna raba dare a watan Mauludi, tare da ƴan'uwanta shauƙi da ishƙi. Mutum ba ya begen wadda yake riƙe da hannunta. In ta rasu, a fitowar ƙarshe, to a lokacin yana iya begenta. Ko a nan ma ki bambanta shi da kewa: kewa ita ce jin gurbin da mutum ya bari, tabarmarsa, muryarsa a tsakar gida, kuma sai wanda aka zauna da shi ake kewa. Tsoho mai sauƙin magana "ina kewarta" zai ce. Bege ya fi dacewa da bakin mai ba da labari ko mawaƙi.

"Ina sonki" kuma a bakin dattijo ɗan shekara saba'in tana sa a ji kamar ya koma samartaka, abin da ya ba ƴan wasanki dariya ke nan. "Ina ƙaunarki" ta fi ta zama, tun da su biyu ne ba idon kowa, kuma ita ce kalmar da ke ɗauke da nufin alheri ba tare da neman komai ba. Masu fassara Littafi Mai Tsarki ma ita suka ɗauka a inda ake zancen son da Allah ke yi wa duniya. In dole sai kin sa kalma ɗaya, ita za ki sa. Amma ni da zan bar shi ya yi magana irin ta tsofaffinmu. Su abin da ke tsakaninsu sabo suke kiransa, da shaƙuwa, da amana, da haƙurin zama. An ce sabo ake yi wa kuka. Ba zai kira sunanta ba, Hajiya zai ce, ko uwar wane, kamar yadda ita ma ba ta taɓa kiran nasa ba sai Malam:

"Hajiya, zaman nan da muka yi, ban taɓa kwana da baƙin cikinki ba. Kin riƙe ni amana, da akwai da babu. Allah ya saka miki da Aljanna."

A fitowar da ta gabata likita ya riga ya gaya masa ba fata, saboda haka a nan, saɓanin wurin uwa, neman gafara ya dace. Tana iya amsawa da "Malam, ka yafe mini", shi kuma ya ce "ba ki yi mini komai ba". A Faransancin ta ce ita ma tana sonsa ne kawai. Wannan musayar ita ce takwararta a wurinmu.

Akwai iyaka ga duk abin da na faɗa, kuma ya kamata ki san ta. Na yi ta sauya maganganun nan ne don wasanki a Zinder yake faruwa, mutanensa Hausawa ne, Faransanci riga ce kawai marubucin ya sa musu, ke kuma kina tuɓe ta. Da labarin wata uwa ce a birnin Pari, da sai in ce ki bar ta ta ce "ina ƙaunarka, ɗana", don mai sauraro ya ji cewa can haka suke yi, kada ki mayar da ita Hajiya. Haka nan in baƙuncin maganar shi ne abin da marubucin ke nema. A ce uba ne da bai taɓa sakar wa ɗansa fuska ba, sai a gadon mutuwa ya buɗe baki ya faɗa. A nan in kika sauya ta da addu'a kin kashe fitowar, don addu'a kullum yana yi, abin da bai taɓa yi ba shi ne faɗin. Sai ki bar shi ya ce "ina ƙaunarka", ki kuma bar ɗan ya rasa abin cewa. Wani lokaci kuma masu ba da aikin, musamman ƙungiyoyin da ke shirye-shirye kan tarbiyyar yara, da gangan suke son a ji iyaye na furta kalmar. Ki tambaye su tun kafin ki fara. In haka ne, ƙauna za ki ɗauka, kuma ki sa ta bayan addu'a, ta fi shiga kunne a can.

Abu biyu ƙanana da na tsinta a hanya. A shafi na sha ɗaya, inda ma'aikaciyar lafiya ke magana, an rubuta fer lamur kika sa "yin soyayya". Ba shi ba ne. Saduwar namiji da mace ake nufi, kuma a saƙon lafiya wannan kuskure yana da tsada, don yarinya za ta ji an ce soyayya na kawo ciki ko cuta, ta ɗauka hira a ƙofar gida ake nufi, ko ta gane shirme ne ta daina sauraro. Ki sa "saduwa", ko "kwanciyar aure" in ma'aurata ne, "jima'i" kuma in bayanin na likita ne sosai. Sannan inda Faransancin ya kira wani mutum "aman" na matar aure, kika sa "masoyinta", kin wanke shi. Masoyi kalma ce mai tsabta, har uba yana da masoya. Wannan farkanta ne, in kuma gidan mijin yake shiga, kwarto.

Kafin ku ɗauki murya, ki sake tara ƴan wasan, amma kada ki ba su Faransancin, kuma kada ki gaya musu dangantakar mutanen. Ki karanta musu layukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye su wa ke magana, da wa yake yi, me yake nema. In suka ce wannan uwa ce da ɗanta na fari, wannan taubasai ne, wannan neman aure ne, wannan tsofaffin ma'aurata ne, aikin ya yi. Inda suka yi saɓani, layin ne bai nuna ba tukuna. Ki sa dattijuwa aƙalla ɗaya cikin masu sauraron, don matasa za su bar miki abubuwan da ita ba za ta bari ba. Ki kuma ja kunnen mai wasan saurayi ya fitar da nun ɗin "sonki" sosai ya ɗan tsaya bayanta, don a lasifika "ina sonki" da "ina so ki" kusan ɗaya suke fita, mai sauraro sai ya zauna jiran ya ji me ake so ta yi.